Ɗigo ɗaya a takardar huɗuba: kuskure ne ko Warshu?

A ce an ba ka takardun huɗubar wani limami, rubutun hannu, ka shigar da su kwamfuta. Ka zo kan aya, sai ka ga ai abu ne mai sauƙi: ka kwafo ta daga manhajar Alƙur'ani ta wayarka, ka liƙa. To, dakata. Abin da ka liƙa ba lallai shi malam ya rubuta ba.

Kafin komai, gano ruwayar da yake bi. Yawancin manhajoji da bugun da ke kasuwa Hafsu ne, amma wanda ya tashi a makarantar allo a ƙasar Hausa galibi da Warshu ya yi karatu. Hannunsa zai ba ka haske: a rubutun Magaribi ɗigon fa yana ƙasa (ڢ), ƙaf kuma ɗigo ɗaya gare shi a sama (ڧ). Wanda bai saba ba, kowane ƙaf zai karanta shi fa. Sai dai wannan alama ce kawai, don mutum na iya rubuta Hafsu da hannun allo.

Ɗauki aya ta 259 a Baƙara bisa lissafin Hafsu, inda ake maganar ƙasusuwa. Akwai fi'ilin da Hafsu ke karantawa da zayun, ma'anarsa ɗagawa da harhaɗawa, Warshu kuma da ra, ma'anarsa rayarwa. Bambancin a takarda ɗigo ɗaya ne. In ba ka ga ɗigon ba, kada ka yi saurin cewa malam ya manta. Buɗe bugun Warshu ka duba, sannan ka gwada wasu ayoyi biyu ko uku da ruwayoyin suka saɓa. In duk sun bi Warshu, shi ke nan. Lambar aya ma tana gocewa, domin Baƙara aya 286 ce a bugun Hafsu, 285 a na Warshu, saboda haka bi kalmomi, ba lamba ba.

Batun wasali kuwa, ni dai ƙa'idata ita ce: abin da ke kan takarda shi za ka buga. Inda ya sa fataha ko shadda, sa. Inda ya bari tsirara, bar shi haka. Sau da yawa mai huɗuba yakan yi wa kalma wasali ne a inda yake tsoron tuntuɓe a kan mumbari, kuma in ka cike sauran, wannan bayanin ya ɓace.

In kalma ta saɓa wa bugun biyu duka, ka duba ko ya gabatar da ita da cewa Allah Ta'ala ya ce. In bai ce ba, wataƙila lafazin aya ya saƙa cikin zancensa, ba nakalto ta yake yi ba. In ya ce, rubuta abin da ka gani, ka kawo lafazin bugun a ƙasan shafi tare da sunan sura da ruwaya, sannan ka nuna wa mahaddaci kafin takardar ta isa hannun wani.