Sanya awo a zanen injiniya: yadda ake nuna cikin bushi

Zanen injiniya yana nuna abu ɗaya ta fuskoki daban-daban, kowace fuska a shimfiɗe kamar an tsaya daidai gabanta: ta gaba, ta sama da ta gefe. Fuskokin suna ba da siffa ne kawai. Girman abin kuwa sai an rubuta shi da lambobi, don kada mai sassaƙa ƙarfe a inji ya ɗora rula a kan takarda ko ya yi kintace.

A ɗauki bushi, wato guntun bututun ƙarfe da sanda ke juyawa a cikinsa. Tsawonsa milimita 50, faɗin jikinsa 40. A ƙarshensa ɗaya akwai baki mai faɗin 60 da kaurin 10. Rami mai faɗin 25 ya ratsa shi, kuma ta wajen bakin an faɗaɗa ramin zuwa 32 har zurfin 8. Daga waje ba a ganin komai na wannan ciki. Ana iya nuna shi da layukan tsinke-tsinke, waɗanda ke nufin gefen da ya ɓuya, amma ramuka biyu sun isa su cakuɗa zanen, kuma ƙa'ida ba ta son a ɗora awo a kan ɓoyayyen layi.

Maganin shi ne zanen yanka. Ana ƙaddara cewa an tsaga bushin gida biyu ta tsawonsa, an jefar da rabin da ke kusa da mai kallo. A fuskar da ke nuna da'irori ana ja layin yanka ta tsakiya, a sa kibiya a kowane ƙarshe da harafin A. Kibiyoyin suna nuna inda ake fuskanta. Sabuwar fuskar sai a rubuta mata A–A. Duk inda zarto zai ci ƙarfe ana cika shi da siraran layuka masu karkata digiri 45, tazararsu ɗaya. Ramin ana barinsa fari fat, domin babu abin da aka yanka a can. Kamar dai an raba kabewa: nama ne ke ɗauke da sawun wuƙa, kogon ba ya da shi. Idan aka ga layukan sun ratsa ramin, zanen yana cewa bushin toshe yake. Idan kuma sashen sama da na ƙasa sun karkata ta fuska dabam-dabam, mai karatu zai ɗauka ƙarfe biyu ne aka haɗa. In da sanda a cikin bushin, ita ba a yi mata layukan, ko da yankan ya bi ta tsawonta; haka ƙusa da noti.

Yanzu cikin ya fito da layi cikakke, awo ya samu wurin zama. Daga kowane gefe ana fitar da siririn layi, a bar ɗan gibi tsakaninsa da jikin zanen, sannan a ja layin awo mai kibiya biyu a tsakani, lambar tana bisansa. Ƙananan awo su ne kusa da zanen, manya a waje, don kada layuka su gitta juna. Faɗin da'ira yana ɗaukar alamar Ø, sai a rubuta Ø25, Ø32, Ø40 da Ø60. Ba a bin kowace lamba da mm. Ana faɗa sau ɗaya a akwatin bayani na kusurwar takarda. Ko an zana bushin a ma'aunin 2:1, ninki biyu na girmansa, lambar ainihi ake rubutawa.

Wajen tsawo ne masu koyo suka fi tuntuɓe. Hannu yana son ya rubuta 10, da 40, da 50, alhali biyu kawai ake bukata. Dalilin shi ne babu injin da ke yanka daidai cif, don haka kowane awo yana da rangwame. A ce rangwamen ±0.1 ne. Baki na iya fitowa 10.1, jiki 40.1, kowanne cikin halas, amma jimla ta zama 50.2, ta wuce 50.1 da awo na uku ya yarda da shi. Mai aiki bai yi kuskure ba, zanen ne ya saɓa wa kansa. Shi ya sa ake zaɓar fuska ɗaya, a nan goshin bakin, a auno komai daga gare ta: 8, 10, 50. Tsawon jikin ya rage duk abin da ya fito. Kaurin bango ma, 7.5, ba a rubuta shi, tunda Ø40 da Ø25 sun riga sun bayar.

Ramin da sanda za ta zauna yana bukatar tsanani fiye da sauran wurare. Ana rubuta Ø25 H7, wanda a tsarin ISO ke nufin daga 25.000 zuwa 25.021, ba ƙasa da haka ba ko kaɗan. Bakin Ø60 da ba ya shiga cikin komai rangwamen gama-gari ya ishe shi. Tsananta masa ƙarin lokaci ne a kan inji da ƙarin kuɗi.