Layi Huɗu na Farko a Wasiƙar Neman Aiki

Bayan sallar isha'i wata ƙanwata ta turo mini takardu biyu ta waya, ta biyo su da saƙon murya: "Yaya, don Allah ka duba mini, jibi za a rufe karɓa." Ɗaya takardar tarihin karatu da aiki ce, wadda kowa ke kira si-bi. Ɗayar kuma wasiƙar da ake haɗawa da ita. Shekararta shida tana riƙe da siton magunguna a wani asibitin kuɗi a Kano, ga shi wata ƙungiyar agaji tana neman jami'in ajiyar magunguna a Maiduguri.

Da Turanci ta rubuta, kamar yadda aka saba, amma ga ma'anar abin da ke saman si-binta, wurin da ake taƙaita ko wane ne mutum a fagen aiki: "Jami'ar ajiyar kaya mai ƙwarewar shekara 6 a fannin magunguna. Riƙe lissafin kaya, kula da firjin alluran rigakafi, hulɗa da dillalai, rubuta rahoton wata-wata. Babbar difiloma a fannin saye da ajiyar kaya. Mai himma da riƙon amana."

Wannan ba shi da laifi. Sai na buɗe wasiƙar, na ga ta fara da cewa cikin ladabi da biyayya take neman aiki a wannan ƙungiya mai albarka. Daga nan sai: "Ni jami'ar ajiyar kaya ce mai ƙwarewar shekara 6 a fannin magunguna. Na iya riƙe lissafin kaya, da kula da firjin alluran rigakafi, da hulɗa da dillalai..." Har ƙarshe. Abin da ta ƙara kawai shi ne "ni" da "na iya".

Na kira ta na ce, "Mai karantawa zai ga magana ɗaya sau biyu cikin minti guda." Ta ce, "To Yaya, ai ni ɗin ce dai. Wata zan ƙirƙiro?"

Tambayarta tana kan hanya, kuma a nan mutane da yawa suke maƙalewa. Mutum ɗaya ne, tarihin aikinsa ɗaya ne, dole sakin layi na farko ya faɗi ko wane ne shi. Ba za a guje wa maimaita ainihin maganar ba. Abin da ya bambanta shi ne aikin da kowace takarda ke yi. Taƙaitawar si-bi kamar allon shago take, an rubuta ta don duk mai wucewa, shi ya sa ake jera komai a gajarce, babu "ni", babu cikakkiyar jimla. Wasiƙa kuwa mutum ɗaya ake yi wa, wanda ya riga ya faɗi abin da yake nema a sanarwarsa. A Nijar, inda ake rubuta ta da Faransanci, sunanta ma yana nufin wasiƙar bayyana dalili. Wannan suna ya fi na Turanci faɗin gaskiya, domin shi na Turancin marufi kawai yake nufi.

Na ce mata ta ajiye si-bin, ta ɗauko sanarwar aikin ta karanta mini. Abubuwa da dama aka lissafa, amma ɗaya ya fito sau biyu, a bayanin aikin da kuma cikin sharuɗɗa: rage asarar magungunan da wa'adinsu ke ƙarewa kafin a yi amfani da su. Idan mai ɗaukar aiki ya nanata abu, yawanci nan ne takalmin ke matsa masa. A cikin abubuwa huɗu da ta jera a taƙaitawarta, "riƙe lissafin kaya" ne kaɗai ya taɓa wannan. Sauran ukun suna nan a si-bi, ba za su gudu ba.

Sai dai "riƙe lissafin kaya" suna ne na aiki, kowane mai sito zai rubuta shi. Na tambaye ta me ta taɓa yi da hannunta a kan magungunan da ke lalacewa. Ta yi shiru, sannan ta ce ai ba wani abu ba ne. Da ta fara aiki, in an kawo sabbin katan-katan a gaba ake ajiye su don sun fi sauƙin ɗauka, tsofaffi su yi ta komawa baya har wa'adinsu ya wuce, sai ranar ƙidayar ƙarshen shekara a fito da su a zubar. Ita ta sake jera kantocin gaba ɗaya bisa ranar ƙarewar wa'adi, wanda zai riga lalacewa shi ne a gaba, ko da shi aka kawo daga baya. Ta riƙa rubuta watan da shekarar da babban alƙalami a gefen katan da ke kallon mai shigowa, don kada sai an juya shi. Farkon kowane wata kuma tana fitar da jerin waɗanda saura wata shida su ƙare, ta kai wa mai harhaɗa magunguna don a fara da su ko a nemi dillali ya musanya. A ƙidaya biyu na baya-bayan nan ba a zubar da katan ko ɗaya ba.

Duk wannan babu shi a si-bi, domin si-bi ba ta da wurin labari. Ita kuma ba ta ɗauke shi abin faɗa ba. Mun taso ana ce mana yabon kai jahilci, shi ya sa da yawanmu sai mu ɓuya bayan kalmomi irin su "mai himma" da "mai riƙon amana". Abin dariyar shi ne waɗannan su ne yabon kan, tunda ba wanda zai iya tabbatar da su. Faɗin cewa ka sake jera kanta kuma asara ta tsaya ba yabo ba ne, rahoto ne, ana iya kiran tsohon maigidanka a tambaye shi.

Ga yadda sakin layin ya koma, in aka mayar da shi Hausa:

"Ina neman gurbin jami'in ajiyar magunguna na ofishinku da ke Maiduguri, wanda kuka sanar a makon jiya. Shekara 6 ke nan ina riƙe da siton magunguna na wani asibiti a Kano, inda na mayar da jerin kaya bisa ranar ƙarewar wa'adi, kuma a ƙidayar ƙarshen shekara biyu da suka wuce ba a zubar da katan ko ɗaya ba. Sanarwarku ta ce kayan za su riƙa tafiya ƙananan asibitocin karkara. Maganin da zai daɗe a hanya, ya sake daɗewa a kanta, yana buƙatar wanda ya san wanne zai fara fita, kuma aikin da nake yi kullum ke nan."

Jimla huɗu ce. Ta farko ba ta da ado, kuma haka ake so: sunan gurbin, daidai yadda aka rubuta shi a sanarwa, tare da lambarsa in an ba da lamba, domin ƙungiya kan buɗe gurabe da yawa lokaci guda, mai tattara takardu kuma da sunan yake rarraba su. Ta biyu ita ce taƙaitawar si-bin a sabon kaya. Shekara shida tana nan, fannin magunguna yana nan, sito yana nan, mai karatu zai gane mutum ɗaya ce. Amma "ƙwarewa" ta zama abin da aka aikata, da sakamakonsa. Biyun ƙarshe su ne abin da si-bi ba za ta taɓa iya yi ba, wato ambaton mai ɗaukar aikin da halin da yake ciki.

A lura da abin da aka bari. Difiloma ba ta fito ba, sai dai in sanarwa ta ce ita ce sharaɗin farko, ko kuma aikin na buƙatar lasisi, kamar na jinya ko harhaɗa magunguna, to nan a ambata da wuri. Firjin rigakafi ya koma sakin layi na biyu. Ladabi da biyayya da "ƙungiya mai albarka" sun fita. Ƙanwata ta ɗan ja da wannan, ta ce kamar rashin tarbiyya ne a faɗa wa mutum magana babu gaisuwa. Na gane. Amma gaisuwar wasiƙar ofis tana saman takarda, layi ɗaya, rufewar ladabi tana ƙasa. Sannan in ta imel aka tura, 'yan kalmomin farko ne ke bayyana kafin a buɗe saƙon, bai kamata su ƙare a kan roƙo ba.

Akwai wata hanya da mutane ke bi suna zaton sun tsira: su bar jimlolin si-bi yadda suke, su sauya kalmomi kawai. "Ƙwarewa" ta koma "gogewa", "kula da" ta koma "sa ido kan". Wannan canjin riga ne, mai karatu zai gane tun a layi na biyu. Gwajin da nake yi mai sauƙi ne. A ajiye takardun biyu gefe da gefe, a tambaya: wane abu wanda ya karanta si-bi bai sani ba sai da ya karanta wannan sakin layi? In babu, maimaici ne, ko da babu kalma ɗaya da ta zo iri ɗaya. Gwaji na biyu, a rufe sunan ƙungiyar da yatsa. In za a iya tura sakin layin ga banki ko kamfanin siminti ba tare da an taɓa komai ba, to har yanzu allon shago ne.

Hatsarin wannan salo kuma yana wajen lissafi. Da zarar ka kawo adadi, za a gwada shi da si-bi. Mun tarar ranakun da ƙanwata ta rubuta suna ba da shekara biyar da wata takwas, sai aka haɗa da watannin da ta yi tana gwaji kafin a tabbatar da ita, waɗanda ba ta sa ba. Ko dai a ƙara su a si-bi, ko a ce "kusan shekara 6" a wasiƙa. Ta zaɓi ta ƙara su. Haka nan da farko ta so ta rubuta yawan kuɗin da ake asara a da. Na hana ta, don sirrin asibitin ne, kuma mai ɗaukar aiki zai yi tunanin haka za a yi da nasa. Na kuma tambaye ta ko ita kaɗai ta yi jeren. Ta ce da wani yaro mai taimaka mata, amma shawarar tata ce, ita ta nemi izini. To "na mayar" ya tsaya. Da shawarar wani ce ta aiwatar, da "muka" za a rubuta, domin ranar ganawa wannan jimla ce za a fara tono.

Wanda ya gama bautar ƙasa kwanan nan zai ce ba shi da shekara shida. Tsarin bai canza ba. Shekara guda a makarantar ƙauye tana da abin da aka yi a cikinta, ko rajistar ɗalibai ce aka tarar a hargitse aka gyara. Shi ne zai hau jimla ta biyu, a maimakon sunan jami'a da ajin digiri.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ta sake turo saƙo: "Yaya, akwai wani gurbin a Sakkwato, in tura musu wannan ɗin?" Na ce ta karanta mini sanarwar tukuna. Ta karanta. Su firjin rigakafi suka nanata, da rubuta zafinsa safe da yamma, kada ya fita daga digiri 2 zuwa 8. Na ce, "To ba ni labarin ranar da aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi."