Farin Fenti a Kan Rufi: Digiri Nawa Yake Ragewa, Kuma Yaya Ake Shafa Shi?

A watan Mayun 2010 zafi ya kusa kai digiri 47 a birnin Ahmedabad da ke jihar Gujarat a yammacin Indiya. Da masana suka kwatanta yawan mace-macen watan da na shekarun da ke kusa da ita, sai suka tarar mutanen da suka rasu sun ɗara yadda aka saba da fiye da 1,300. Wannan ne ya sa hukumar birnin ta fito da tsarin tunkarar zafi a 2013, irinsa na farko a Kudancin Asiya. A 2017 aka shiga shafa wa rufin gidajen talakawa kusan 3,000 farar ƙasa, ƙungiyar mata ta Mahila Housing Trust kuma ta riƙa koya wa matan unguwannin marasa galihu yadda za su yi wa rufinsu farin fenti. Ma'aunin da aka yi a gidajen Indiya irin waɗannan ya nuna ɗaki kan yi sanyi da digiri 2 zuwa 5 a kan na maƙwabcin da bai shafa ba.

Gidajen da aka yi wa wannan aiki sun yi kama da na unguwanni da yawa a Kano, Sakkwato, Maiduguri da Yamai: ɗakuna ƙanana, rufin kwano ko na siminti, taga ɗaya, wutar lantarki kuma ba ta da tabbas. Saboda haka abin da aka koya can yana da amfani ga mai gidan da bazara ke kora waje da tabarma.

Me ke faruwa a kan rufi da tsakar rana?

Idan rana ta take kuma sama ba gajimare, kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar ƙarfin rana kimanin wat 1,000. Wani kaso rufin zai mayar sama, sauran ya shanye ya zama zafi. Baƙin rufi ko mai duhun launi yakan shanye kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari, shi ya sa zafinsa kan haura digiri 65. Sabon farin fenti mai kyau kuwa yakan mayar da kashi 70 zuwa 85, ya shanye ɗan abin da ya rage. A rana ɗaya, a unguwa ɗaya, farin rufi zai iya fin baƙi sanyi da digiri 25 ko fiye.

Akwai abu na biyu da mutane ba su cika sani ba. Ban da mayar da hasken rana, ana so rufi ya iya fitar da zafin da ya riga ya shanye. A nan ne sabon kwano mai ƙyalli yake ruɗin mutane. Yana mayar da haske daidai gwargwado, amma ƙarfe tsirara ba ya saurin sakin zafin da ya shige shi, don haka yakan yi zafin da hannu ba zai iya taɓawa ba. Idan ya tsufa ya dushe, tsatsa ta hau shi, ƙyallin ma ya tafi. Fenti kuwa, kusan kowane iri, yana sakin zafi sosai. Farin fenti ya haɗa biyun ke nan: yana korar yawancin hasken, yana kuma amayar da ɗan abin da ya sha. Fentin ruwan azurfa da wasu ke shafa wa kwano bai kai shi ba, domin garin alminiyon da ke cikinsa yana da halin ƙarfe na riƙe zafi.

A lura kuma, kusan rabin ƙarfin rana yana zuwa ne a wani nau'in haske da ido ba ya gani. Fenti biyu za su iya yin fari ɗaya a ido, amma ɗaya ya fi ɗaya korar wannan ɓoyayyen haske. Shi ya sa fentin da aka yi musamman don rufi yakan zo da lambar SRI a jikin bokitinsa. An tsara ma'aunin ne yadda baƙi yake 0, fari na gwaji yake 100. Fentin da sabonsa ya haura 80 ya yi, wanda ya kusa 100 ko ya wuce ya fi.

Lissafin ɗaki ɗaya

Mu ɗauki ɗaki mai ƙafa 12 tsawo, 12 faɗi, wanda shi ne aka fi ginawa. Shimfiɗarsa murabba'in mita 13 ce. A ce tsohon kwanon da ke kansa yana shanye kashi 70 na rana. Da tsakar rana yana haɗiye wat 9,100 ke nan. Idan aka yi masa farin fenti ya koma shan kashi 25, abin ya sauko zuwa wat 3,250. Bambancin ya kusa wat 6,000, tamkar an kashe dutsen guga shida da ke kunne a kan rufin. Ba duk wannan zafi ne yake shiga ɗaki ba, iska tana kwashe mai yawa. Amma wanda ya rage yana sauka kai tsaye daga ƙasan kwano zuwa kan mutanen da ke zaune, musamman a ɗakin da ba shi da silin.

Wannan ne dalilin da ya sa masu ɗaki kan ji sauƙin ya fi abin da ma'aunin zafi ya nuna. Iskar ɗakin ta ragu da digiri 2 ko 3 kawai, amma hucin da ke dukan kai daga sama ya ragu ƙwarai.

Wajen sayen fenti, kada a tsaya a kan mita 13. Gangaren rufi, bakin da ya fito waje da lanƙwasar kwano sukan kai filin shafawa mita 17 ko kusa da haka. Fentin waje na akirilik yakan rufe mita 8 zuwa 10 da lita ɗaya a shafi ɗaya, don haka shafi biyu zai ci kamar lita 4, ban da lita 2 na fentin share fage. Fenti mai kauri irin na roba, wanda ke toshe ƙananan tsaga a rufin siminti, yana cin ninkin wannan sau da yawa. A karanta abin da aka rubuta a jikin bokiti, kuma kada a bar mai fenti ya tsinka shi da ruwa fiye da ƙa'ida don ya yalwata. Shafin da ya yi siriri, duhun kwano yana lekowa ta ƙarƙashinsa.

Yadda ake aikin

Yawancin rufin da fentinsa ya ɓare, tun kafin a buɗe bokiti aka ɓata aikin. Da farko a toshe yoyo, a sauya ƙusoshin da suka saki. Sannan a kankare tsatsa da buroshin waya, a wanke rufin da ruwa da omo, a ɗauraye, a bar shi ya bushe sarai. Inda tsatsa ta ci, a fara shafa jan fentin nan mai hana tsatsa da masu walda ke sa wa ƙofofin ƙarfe, in ba haka ba za ta huda farin ta fito ja-ja. Sabon kwano yana da tasa matsalar: fentin mai ba ya jituwa da sinadarin da aka lulluɓe kwanon da shi, bayan wani lokaci sai ya riƙa saluɓewa falle-falle. Irin wannan kwano yana bukatar fentin share fage da aka yi dominsa. Fentin ruwa na bangon cikin ɗaki kuwa bai dace da rufi ba sam, ruwan sama da rana za su cinye shi.

A yi shafin da safe bayan raɓa ta bushe, kafin kwano ya ɗau zafi. Fentin da aka sa a kan ƙarfe mai zafi yana bushewa tun bai kama ba, ya yi ƙuraje. A bar shafi na farko ya bushe gwargwadon awannin da kamfanin ya faɗa kafin a ƙara na biyu. A arewacin Najeriya da kudancin Nijar, lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen hunturu, sa'ad da hazo ya lafa, bazara ba ta kankama ba. Mai aikin ya taka kan layin ƙusoshi inda katako yake a ƙasa, ya kiyayi wayoyin wuta, ya sa tabarau saboda farin rufi yana kashe ido. Tsohon rufin asbesto kada a kankare shi ko a goge shi a bushe, ƙurarsa tana cutar da huhu. Gidan da ke tarar ruwan sama daga indararo kuma ya tabbatar fentin ba shi da dalma.

Wanda kuɗinsa bai kai ba zai iya bin hanyar da Ahmedabad ta fara da ita, wato farar ƙasa. Sabon shafinta yana korar rana sosai, ta fi kama siminti a kan kwano, amma damina ɗaya ta ishe ta. Sai an maimaita kowace shekara.

Inda ƙarfinsa ya tsaya

Babban abokin gabar farin rufi ƙura ce. Rufin da yake mayar da kashi 80 yana sabo zai iya saukowa kusa da 60 cikin shekara biyu zuwa uku, kuma yawancin asarar a shekarar farko take faruwa. A garuruwan da hunturu ke lulluɓe komai da jar ƙura, wankin rufi sau ɗaya kafin watan Maris yana dawo da kaso mai yawa na abin da aka rasa. Idan aka shafa hannu aka ga farin gari ya biyo tafi, ko launin ƙarfe ya fara bayyana, wanki ba zai wadatar ba, lokacin sabon shafi ya yi.

Fenti ba ya sanyaya iska kamar na'ura, hana rana shiga kawai yake yi. In zafin waje ya kai digiri 43, ɗakin ba zai koma 30 ba. A gidan bene, hawa na sama ne kaɗai zai amfana. Ɗakin da ke da silin mai kauri ribarsa ba ta kai ta wanda ba shi da shi ba. Da dare ma akwai bambanci: kwano yana hucewa da zarar rana ta faɗi ko da fenti ko babu, zafin daren daga bangon bulo yake fitowa, musamman na yamma wanda ranar la'asar ta gasa. Rufin siminti kuwa yana tara zafin yini ya riƙa sakinsa har tsakar dare, don haka shi ne farin shafi ya fi taimaka wa masu barci a ƙarƙashinsa. Mai kwano da ke son sauƙin dare sai ya haɗa da farin shafi ko inuwar bishiya a bangon yamma, da tagogi biyu masu fuskantar juna.

Masu bincike suna ci gaba da neman fari mafi fari. A 2021 Farfesa Xiulin Ruan da abokan aikinsa a Jami'ar Purdue ta Amurka sun sanar da fentin da ke mayar da kashi 98.1 na hasken rana, har yakan fi iskar da ke kewaye da shi sanyi. Jihar Telangana ta Indiya kuma ta ƙaddamar da tsarin farin rufi na jiha baki ɗaya a 2023. Amma mai gida ba sai ya jira waɗannan ba kafin ya gwada. Ya samu guntayen tsohon kwano biyu, ya yi wa ɗaya shafi biyu na fentin da ake tallata masa, ya ajiye su a rana daga hantsi, ya taɓa ƙasansu da azahar. In gwajin ya gamsar da shi, ya fara da ɗakin da tsofaffi ko jarirai ke yini a ciki, domin su ne zafi ya fi kayarwa. Sannan ya rataya ma'aunin zafi a ɗakin da kuma wani mai kama da shi da ba a shafa ba, ya duba su a sa'a ɗaya har tsawon mako, kafin ya sayi fentin sauran gidan.