Ra'o'i Huɗu a Falle Ɗaya: Yadda Ake Mayar da Rubutun Lacca Jadawalin Bita

Ɗalibin da ya karanta nazarin harshe ko ilimin koyarwa, a jami'a ko a kwalejin horas da malamai, da wuya ya fita bai haɗu da wannan darasi ba: ta yaya yaro ke koyon magana? Malami zai shigo ya kawo ra'in Skinner, ya bi da na Chomsky, mako na gaba ya zo da Piaget da Vygotsky. Kafin a gama, littafin ɗalibi ya cika da shafi goma ko fiye, kowane masani da nasa ɓangare. Ranar jarrabawa kuwa sai a ce masa ya kwatanta biyu daga ciki, ya nuna inda suka saɓa. A nan ake samun matsala, domin littafin ya jera su ne ɗaya bayan ɗaya, alhali tambayar tana son a gan su kafaɗa da kafaɗa.

Maganin wannan shi ne jadawali, amma ba kowane jadawali ba. Yawancin ɗalibai kan ja layi huɗu, su rubuta sunayen masanan a sama, sannan su kwashe abin da ke littafi su zuba a ƙarƙashin kowane suna. Wannan rubutun lacca ne dai aka yi wa shinge. Jadawalin da ke aiki daga tambayoyi ake fara gina shi, sunaye daga baya suke zuwa.

Dalili kuwa shi ne, ra'o'i ba sa zama kishiyoyi sai idan tambaya ɗaya suke amsawa da amsoshi daban-daban. Don haka aikin farko shi ne ka koma kan rubutunka da biro, ka karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, kana neman wuraren da aka yi karo. Kalmomi irin su "amma", "saɓanin haka", "ya musa", "bai yarda ba" su ne alamunka. Duk inda ka ga ɗaya, tsaya ka tambayi kanka: a kan me ake wannan gardama? Amsar da ka samu ita ce za ta zama kan layi a jadawalinka.

Bari mu gwada. A ce rubutunka yana cewa Skinner, masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, a littafinsa na 1957 ya ɗauki magana a matsayin ɗabi'ar da ake koya kamar sauran ɗabi'u: yaro ya furta wani abu, na kusa da shi su nuna jin daɗi ko su ba shi abin da ya nema, sai furucin ya zauna. Shafi biyu gaba kuma aka ce amma Chomsky, a sharhin da ya yi wa littafin a 1959, ya ce wannan bai isa ba, domin yara na faɗin jimlolin da ba su taɓa ji ba, don haka dole akwai wani shiri na nahawu da aka haife su da shi. Waɗannan jimloli biyu sun ba ka tambayoyi biyu. Ta farko, daga ina harshe ke fitowa? Ta biyu, mene ne aikin manya a ciki? Idan ka kai kan Piaget, ɗan ƙasar Suwizalan, da Vygotsky na tsohuwar Tarayyar Sobiyet, sai ta uku ta fito: tsakanin tunani da harshe, wanne ke jan wani? Ka ƙara biyu da duk mai jarrabawa ke nema, wato hujjar da ra'i ya dogara da ita da sukar da aka yi masa. Biyar ke nan, kuma sun isa. Idan suka wuce shida ko bakwai, ka koma gidan jiya.

Yanzu ka kwantar da fallen takarda ta faɗinta, ka sa masanan a sama bisa jerin zamaninsu, tambayoyin kuma a gefen hagu. Ga abin da zai fito:

| Tambaya | Piaget (1923) | Vygotsky (1934) | Skinner (1957) | Chomsky (1959) |
|---|---|---|---|---|
| Tushen harshe | Bunƙasar tunani | Cuɗanya da mutane | Koyo daga muhalli | Shirin da aka haifa da shi |
| Aikin manya | Kaɗan. Yaro ke bincike da kansa | Ja-gora da tallafi | Ƙarfafa furucin da ya dace | Samar da maganar da za ta tada shirin |
| Tunani da harshe | Tunani ne a gaba | Tushe daban, su haɗu wajen shekara 2 | Duka ɗabi'u ne | Harshe sashe ne mai zaman kansa |
| Hujja | Kalmar "babu" na zuwa da gane cewa abin da ya ɓuya yana nan | Yaro na magana shi kaɗai in aiki ya yi wuya | Yaro na tashi da harshen gidansu | Jimlolin da ba a taɓa ji ba |
| Suka | Akwai masu raunin fahimta da ke magana sarai | Bai bayyana samuwar nahawu ba | Iyaye ba su cika gyara nahawu ba | Ya rage wa cuɗanya daraja |

Dubi yadda gurabun suke. Babu cikakkiyar jimlar malami ko ɗaya a ciki, 'yan kalmomi ne da za su tuna maka sauran. Sannan kowane layi da mudu ɗaya aka auna shi. Idan a layin "aikin manya" ka rubuta wa Skinner amsa, ka rubuta wa Chomsky sunan jami'ar da ya koyar, ka ɓata layin, ko da abin da ka rubuta gaskiya ne. Tarihin rayuwar masani, in dai ba ya cikin gardamar, ya tsaya a littafi.

Lokacin cike gurabun za ka ci karo da wanda ba ka da abin sa wa a ciki. Kada ka yi gaggawar toshe shi da ƙirƙira. Gurbin da ya zauna fayau yana gaya maka ɗayan abu biyu ne: ko dai ranar da aka yi bayanin hannunka bai kama ba, sai ka nemi littafin abokin karatu ko ka tambayi malam, ko kuma masanin ne bai mai da hankali kan tambayar ba. Na biyun nan maki ne a jarrabawa. Vygotsky, alal misali, bai tsaya kan yadda yaro ke gano ƙa'idojin ginin jimla ba, kuma faɗin haka shi kansa suka ne. Ni a ganina wannan ne babban amfanin aikin, tun kafin a zo maganar bita: shafi goma na iya ɓoye maka abin da ba ka sani ba, amma gurbi a tsakiyar takarda ba ya ɓuya.

Akwai kuma gurbin da ya cika, amma bai ce komai ba. Ɗalibai da dama kan rubuta "muhalli na da muhimmanci" a ƙarƙashin Skinner, su sake rubuta shi a ƙarƙashin Vygotsky. Hanyar gane irin wannan mai sauƙi ce. Rufe sunayen da ke sama da rula, ka karanta gurbi ɗaya. Idan zai iya zama a ƙarƙashin suna biyu, bai nuna ba tukuna. Muhalli a wurin Skinner sakamako ne da ke biyo bayan furuci. A wurin Vygotsky kuwa mutum ne wanda ya fi yaro sani, yana kama masa har ya iya abin da ba zai iya shi kaɗai ba. Wannan bambancin ne ya kamata ya shiga gurbin.

Bayan an gama, sai a gwada jadawalin da misali guda, a bi da shi ta kowane ra'i. A ce yaro ɗan shekara uku ya ce "rigogi" maimakon "riguna". Bai ji wannan a bakin kowa ba, kuma ba wanda ya yaba masa a kai. Ya dai ji "taga, tagogi" da "mota, motoci", sai ya ɗora riga a kan tsarin. Mai bin Chomsky zai ce ga shaida nan, yaro ƙa'ida yake ginawa. Irin wannan ne Jean Berko ta nuna a 1958, da ta ba yara masu jin Turanci kalmomin da ta ƙirƙira, suka yi musu jam'i daidai da ƙa'ida. Mai bin Skinner zai ce yaron ya faɗaɗa ɗabi'ar da ya koya ne, kuma zai bari idan ya ga ba a karɓa ba. Mai bin Piaget zai ce ba a jam'i sai an fahimci bambancin ɗaya da yawa. Mai bin Vygotsky zai kalli uwar da ta ce "e, rigunanka ne", ta miƙa masa daidai cikin hira. Idan ka iya yin wannan zagaye da idonka a kan falle ɗaya, jadawalin ya tsaya. Idan ka kakare a wani wuri, can ne gyara yake.

Sai dai jadawali na da illarsa, kuma ya kamata a san ta. Layukansa na sa a ga kamar an tara mutanen nan huɗu ne a zaure ɗaya suna musu. Ba haka aka yi ba. Vygotsky ya rasu a 1934, shekara 23 kafin littafin Skinner ya fito, don haka wanda ya rubuta cewa ya mayar wa Skinner ko Chomsky martani ya yi kuskure. Wanda ya soka kai tsaye Piaget ne, a kan maganar da yaro ke yi shi kaɗai: Piaget ya ce alama ce ta cewa yaron bai iya duban abu ta idon wani ba, kuma tana gushewa, Vygotsky ya ce komawa ciki take yi ta zama tunani. Piaget da Chomsky kuwa sun yi muhawara ido da ido a Faransa a 1975. Shi ya sa ake sa shekara kusa da suna, a kuma ja kibiya daga mai suka zuwa wanda aka soka. A ƙasan takardar ka bar layi guda na abin da aka yi tarayya a kai, misali cewa Piaget da Vygotsky duka sun ɗauki yaro a matsayin mai gina iliminsa da kansa.

Illa ta biyu ita ce jadawali na cinye kalmar "saboda". Gurbi zai ce maka iyaye ba su cika gyara nahawu ba, amma ba zai ce don me hakan ya zama suka ba. Kai ne za ka mayar da ita: binciken Brown da Hanlon na 1970 ya nuna iyaye sun fi kula da gaskiyar abin da yaro ya faɗa a kan daidaiton jimlarsa, to in yabo da gyara ne ke koyar da nahawu, ta ina yaron ya koya? Saboda haka bita ba kallon takarda ba ce. Ka bi layin tsaye daga sama zuwa ƙasa, kana bayani da baki, ka amsa tambayar "yi bayanin ra'in wane". Ka bi na kwance, ka amsa "kwatanta", kowane layi sakin layi guda a takardar amsa. Bayan kwana biyu ka kife shi, ka zana sabo da ka, ka duba gurabun da suka zube.

Wannan ne ma ya sa hoton jadawalin wani da aka turo maka a waya ba zai yi maka abin da ya yi wa mai shi ba. Shi ya sha wahalar zaɓen tambayoyi da matse shafi goma, kai sakamakon kawai ka gani. Ka karɓa don ka gwada da naka, amma naka ka zana shi da hannunka, a makon da aka gama darasin, tun maganar malam tana kunnenka.