Ko ka san mitarka na iya nuna 180V alhali wutar 230V ce?

Kamar sauran unguwannin Birnin Kebbi, gidajen Gesse da dama sun koma dogaro da sola da inbata, domin wutar kamfanin Kaduna Electric, wanda ke raba lantarki a Kebbi, Sakkwato, Zamfara da Kaduna, ba kullum take samuwa ba. A nan ne masu gyara ke cin karo da wani abu mai ruɗarwa. A sa mita biyu a wutar NEPA, dukansu su nuna 230V. A mayar da su kan inbata mai araha, ɗaya ta tsaya a 230V, ɗayar ta faɗo 180V. Babu wadda ta lalace. Lissafin da ke cikinsu ne ya bambanta.

Wutar soket ba tsaye take ba. Tana hawa a hankali har wajen 325V, ta sauko sifili, ta juya ɗaya gefen, ta dawo, sau 50 a kowace daƙiƙa. To ina aka samo 230V? Ita ce wutar batir tsayayya da za ta zafafa dutsen guga daidai yadda wannan mai hawa da sauka ke zafafa shi. Wannan adadi ake kira RMS, kuma shi ake rubutawa a jikin kayan wuta.

Mita mai araha ba ta auna shi. Tana juyo ɓangaren ƙasa ya koma sama, ta ɗauki matsakaici, wanda a wutar NEPA yakan zo 207V, sannan ta ninka da 1.11 ta nuna 230V. Dabarar tana aiki, amma da sharaɗi: sai zubin wutar ya kasance mai lanƙwasa sumul ɗin nan, domin daga gare shi kaɗai aka ciro 1.11. Kamar mai awon hatsi ne da ya haddace nauyin tiyar gero, aka kawo masa shanshera ta Argungu ya ba ta nauyin gero.

Inbatar da aka rubuta wa "modified sine wave" ba ta lanƙwasa. Tsalle take zuwa sama, ta tsaya, ta faɗo sifili ta huta, sannan ta yi tsalle ƙasa. Ɗauki wadda ke kai 325V na rabin lokaci, rabin kuma sifili. Matsakaicinta 162.5V, a ninka da 1.11, sai ga 180V a fuskar mita.

Mai tambarin True RMS zafi take bi. Idan ƙarfin wuta ya ninka biyu, zafin da yake haifarwa ninki huɗu yake yi, don haka takan ninka kowane awo da kansa kafin ta ɗauki matsakaici. 325 × 325 ya ba da 105,625. Rabinsa 52,812. Lambar da za a ninka da kanta ta ba da wannan ita ce kusan 230. Babu inda ta yi zaton zubin wutar, shi ya sa ba ta ɓata ba.

Ɓarnar tana zuwa ne idan mai gyara ya gaskata 180V, ya buɗe inbata ya ɗaga ƙarfinta har mitarsa ta nuna 230V. A lokacin ainihin wutar ta kai wajen 294V, ƙololuwarta kuma ta haura 410V, ga shi kafasitar da ke cikin yawancin cajar waya 400V aka rubuta mata. Duk abin da ke da waya mai zafi zai ƙara zafi da fiye da rabi. Daga baya a ɗora wa inbata laifi, ko a ce kayan jabu ne. Kuma kuskuren ba gefe ɗaya yake ba: inbatar da ke tsalle daga sama zuwa ƙasa ba hutu, mita mai araha za ta ƙara mata kashi 11 cikin 100, ta nuna 255V a maimakon 230V. Saboda haka babu wata lamba guda da za ka riƙa ƙarawa ko ragewa a ka.

Ni dai na fi jin tsoron wannan kuskure wajen awon amfiya. Caja, talabijin da kwan LED ba sa jan wuta a jere, fizga suke a daidai ƙololuwa. Mita mai kama waya, idan ta matsakaici ce, tana iya rage kusan kashi ɗaya cikin uku. Sai ka ji waya ta yi zafi, bireka na faɗuwa, mita kuwa na cewa lafiya lau.

Ita ma True RMS tana da iyaka. Da yawansu suna riƙe gaskiya ne muddin ƙololuwa ba ta wuce ninki uku na RMS ba, kuma fizga mai tsananin sauri tana kuɓuce musu. Yawancinsu ma ba sa haɗa wutar DC da ta gauraya da AC, sai wadda aka rubuta wa AC+DC. Idan aikinka ya shafi cajar batir, wannan rubutun za ka duba kafin ka biya kuɗi.