Wutsiyar Adireshi: Me Ya Sa Ake Datse Ta?

Duk wanda aka taɓa turo wa labari a WhatsApp ya san irin adireshin nan mai cinye layi huɗu, cike da lambobi, har mutum ya ji tsoron taɓa shi. Ɓangaren ƙarshe na adireshin, wanda ke nuna takamaiman labarin, shi masu sana'ar ke kira `slug`. Mu ce masa wutsiya.

A ɗauka an rubuta maƙala mai taken "Yadda Ake Adana Masara a Rumbu Ba Tare da Ƙwari Sun Ci Ba a Shekarar 2023". Idan aka bar manhaja irin WordPress ta yi aikinta, duk kalmomin nan za ta jero. Editan da ya san hannunsa kuwa wannan zai bari:

```
/adana-masara-rumbu
```

Kalmomi uku, ƙananan baƙaƙe, da gajeren layi a tsakani. "Yadda", "ake", "a" da "da" sun tafi domin aikinsu ɗinke jimla ne, ita kuwa wutsiya suna kawai take buƙata. Amma a yi hattara da "ba". Labarin da ke cewa gwamna bai sauka ba, in aka datse "bai" da "ba", adireshinsa ya koma shelar cewa ya sauka. Nan dole mutum ya sa ido da kansa.

Batun shekara ya fi nauyi. Dabarar adana masara ba ta tsufa, amma wanda ya ga 2023 a adireshi zai ɗauka tuwon jiya ne, ya wuce. In marubucin ya sabunta maƙalar, take yana canjuwa cikin minti ɗaya. Adireshi kuwa an riga an raba shi ko'ina, kuma da an taɓa shi, duk mai riƙe da tsohon zai ci karo da `404`, wato babu. Maganinsa shi ne a sa umarnin `301` ya riƙa kai mutane sabon wuri, aikin da da farko ba a buƙace shi ba. Jaridun yau da kullum lamarinsu daban ne: The Guardian ta Birtaniya tana sa shekara da wata da rana a adireshinta, domin ranar da abu ya faru ɓangare ce ta labarin.

Mu Hausawa muna da tamu ƙayar, baƙaƙe masu lanƙwasa. Idan aka kwafo adireshi mai ƙ, sau da yawa sai ta rikiɗe ta zama `%C6%99`. Shi ya sa ake mayar da ita k. To, "ƙare" ya zama "kare", "yajin aiki ya ƙare" ya shigo da dabba cikin zance. In ka ga haka, nemi wata kalmar, kamar "janye", kafin ka danna maɓallin wallafawa.