Kafin a Mayar da Takardar Awon Asid Hausa, a Duba Kwalba

A Aliero akwai jami'ar kimiyya da fasaha ta jihar Kebbi, wadda aka kafa a 2006, a Jega akwai kwalejin koyon aikin lafiya, sannan ga makarantun sakandare har zuwa Maiyama da ɗalibansu ke shiga gwajin kemistiri na WAEC da NECO kowace shekara. A duk waɗannan wurare ana yin aikin da ake kira taitireshan, wato a riƙa ɗiga asid da aka san ƙarfinsa cikin wani ruwan sinadari har launi ya sauya, daga nan a lissafa ƙarfin wancan ruwan. Takardar aikin da Turanci take zuwa, amma malami yakan fassara wa ɗalibi da Hausa, haka ma mai kula da ɗakin gwaji yakan yi wa yaronsa da ke haɗa sinadarai. Wannan abu ne mai kyau. Sai dai akwai wuraren da fassara ke lalata aikin, wani lokacin ma ta jawo rauni.

Mu ɗauki gwajin da kowane ɗalibin kimiyya ya sani. Ana narkar da giram 4.0 na NaOH a yi lita ɗaya, wanda ke ba da ƙarfin 0.10 mol/dm³. Sai a ɗebi 25.0 cm³ a zuba a fulas mai siffar mazurari, a ɗiga masa ɗigo biyu ko uku na mesil orenj, ruwan ya zama rawaya. Daga buret ake sakin asid HCl mai ƙarfin 0.10 mol/dm³ a hankali, ana kaɗa fulas, har rawayar ta koma ruwan goro. Idan komai ya tafi daidai, asid ɗin da za a ci zai kasance wajen 25.0 cm³. Yakan gaza haka kaɗan, domin NaOH na zuƙar danshin iska tun yana kan ma'auni.

Babban tarko yana wajen suna. Mai fassara ya ga sunan sinadarin, ya tuna cewa mata masu yin sabulu soda suke ce masa, sai ya rubuta "soda giram huɗu". To amma abubuwa uku ne ake kira soda. Akwai NaOH ta sabulu mai cin fata, akwai Na₂CO₃ ta wanki, akwai kuma NaHCO₃ ta masu gashin fulawa. Biyun ƙarshe dukansu farin gari ne, ido ba ya raba su. Idan yaron ɗakin gwaji ya auna giram 4.0 na Na₂CO₃, launi zai sauya a wajen 18.9 cm³. Idan NaHCO₃ ya ɗauko, a wajen 11.9 cm³ zai sauya. Abin da ya sa wannan kuskure yake da wuyar kamawa shi ne gwajin ba ya nuna alamar lalacewa. Launi zai sauya tsaf, ɗalibi zai maimaita sau uku ya samu lambobi masu kama da juna, ya rubuta amsa da ƙwarin gwiwa, alhali ba sinadarin da ake nufi ya auna ba. Mai lura ne kaɗai zai ga 'yan ƙananan kumfa suna tashi a fulas, domin Na₂CO₃ da NaHCO₃ suna fitar da iskar CO₂ idan sun haɗu da asid, NaOH kuwa ba ya yi.

Wasu kuma sukan rubuta "kanwa" don su sauƙaƙa wa mai karatu. Kanwar kasuwar Jega gauraye ce ta gishiri iri-iri da ƙasa, ƙarfin wannan dunƙule daban da na wancan, ba ta da gurbi a wannan takarda. A ganina dokar ɗaya ce: a rubuta bayanin da Hausa yadda ake so, amma alamar sinadarin ta zauna kamar yadda take a jikin kwalba, harafi da lamba, kada a taɓa ta.

Sai maganar ƙarfi. Asid HCl da ke zuwa daga kamfani a babbar kwalba ƙarfinsa ya kai wajen 12 mol/dm³, wato ya ninka na gwajin sau 120. Wajen 8.5 cm³ kawai ake ɗiba daga cikinsa a yi lita guda. Idan mai fassara ya ga lambar ta yi masa nauyi ya rubuta "asid mai sanyi" ko "asid" kurum, zai iya tura yaro ya cika buret da na babbar kwalba, mai hayaƙi da ƙona hanci da ido. Lambar da ma'auninta dole su biyo fassarar, har da ɗigon da ke tsakanin 0 da 10, wanda a kwafin da ya dushe yakan ɓace. Haka kuma a bayyana cewa asid ake zubawa cikin ruwa a hankali. Ba a zuba ruwa a kan asid mai ƙarfi, domin zafin da ke tashi na iya fantsama shi.

Akwai wata jimla da kusan kullum ake karkatar da ita. Takarda tana nufin a narkar da sinadarin a ruwa kaɗan, a juye a fulas mai dogon wuya, sannan a ƙara ruwa har ya kai zanen lita ɗaya. "A zuba ruwa lita ɗaya" wani abu ne daban. Kuma ruwan da ake nufi shi ne wanda aka tafasa aka tara tururinsa. Idan aka ce "ruwa mai tsabta", yaro zai kawo na leda ko na burtsatse, wanda yakan zo ɗauke da narkakken gishirin ƙasa da ke cin asid.

Kayan gilashi ma kowanne da sunansa za a kira shi: buret, fifet, bika, fulas. Kiran su duka "kwalba" ko "kofin awo" na sa a auna 25.0 cm³ da bika, wadda zanenta kimantawa ce kawai. Ɗauraya ma iri biyu ce. Buret ana ɗauraye shi da asid ɗin da za a zuba masa, fifet da ruwan NaOH, amma fulas da ruwan tururi kaɗai. Wanda ya ɗauraye fulas da NaOH ya ƙara sinadarin da ba a ƙidaya ba, lambarsa za ta haura. Ɗigon da ke maƙalewa a bakin fifet ba a hura shi, an riga an cire shi a lissafin awo. Kuma da robar zuƙa ake cika fifet, ba da baki ba.

Malamai da masu kula da ɗakunan gwaji a Jega, Aliero da Maiyama, kafin ku raba takardar da aka fassara, ku ba wani wanda bai ga ta Turancin ba ya bi ta daga farko zuwa ƙarshe kuna kallo. Idan asid ɗin da ya ci ya yi nisa da 25.0 cm³, ku koma kan fassarar layi-layi. Ku kuma rubuta a saman takardar da manyan baƙaƙe cewa duk wanda NaOH ko asid ya fantsamar wa ido ya wanke da ruwa mai gudu na aƙalla minti 15, sannan a kai shi asibiti nan take.